Nahawu a Rabin Minti: Nazari a kan Rubutun Gajeren Darasi, da Misalai daga Ƙasar Bunkure

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta auna wani nau'in rubutu da ya yawaita tun da wayar hannu ta shiga aljihun malamai, wato rubutun da malami kan tsara domin ya karanta, ya koyar da ƙa'ida guda ta nahawu ko ta lissafi kafin sakan talatin ya cika. Mai karatu a natse, wanda yake dakatawa bayan kowane misali, ba ya wuce kalma biyu a sakan ƙwarai, saboda haka jarin malamin duka kalma sittin ne ko abin da ya yi kusa da haka. Ra'ayin da za a kare a nan shi ne, babban haɗarin wannan rubutu yana wajen taƙaita ƙa'ida har ta daina zama gaskiya, kuma maganinsa shi ne a bai wa ɗalibi hanyar gwaji maimakon doka.

An zaɓi ƙasar Bunkure ta Jihar Kano domin a ɗebo misalai. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka kuma shimfiɗa hanyoyin ruwa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, zancen yau da kullum na wannan yanki ya cika da kalmomin noman rani. Waɗannan kalmomi su ne ma'aunin da ɗalibi zai fara ɗora ƙa'idar malaminsa a kai.

2.0 Rubutun da ake nazari

Ga wani samfuri da aka tsara domin ya wakilci yadda aka saba gabatar da darasin harafin nasaba, wato -n ko -r da ake liƙa wa suna don a danganta shi da wani:

(1) "Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau za mu koyi wata ƙa'ida mai sauƙi ta nahawun Hausa. Duk sunan da ya ƙare da wasalin a, na mace ne, sai a liƙa masa r: gonar alkama, motar haya. Sauran kuwa duk na namiji ne, sai a liƙa musu n: buhun shinkafa. Shi ke nan, kada ku manta. Sai mun sake haɗuwa."

Rubutun yana da abin yabo. Ya tsaya a kan batu ɗaya, jimlolinsa gajeru ne, misalansa kuma na gida ne. Sai dai in aka ƙirga, kalmominsa 61 ne, 28 daga ciki kuwa sun tafi a gaisuwa da share fage da sallama. Abin da ya rage wa darasin kansa kalma 33 ne kacal. Wannan ƙuncin da marubuci ya jawo wa kansa shi ya tilasta masa ya fake da kalmar "duk" har sau biyu, kuma a nan ne ɓarakar take.

3.0 Inda ƙa'idar ta karye

Ba sai an je nesa ba. Kalma ta biyu a jimlar da ta ɗauko ƙa'idar ita ce "sunan". Suna ya ƙare da wasalin a, amma ya ɗauki -n. Wato rubutun ya ƙaryata kansa tun kafin ya kai ga misalinsa na farko.

Yaron da ya saurari darasin a Bunkure, da ya leƙa waje zai ci karo da rukuni uku na sunayen da ba su bi dokar ba:

(2) noman rani, ruwan Tiga, gidan gona, watan Janairu
(3) buhunan shinkafa, kwandunan tumatir, rigunan makaranta
(4) gwamnatin Kano, macen kirki, Kanon Dabo

Sunayen da ke (2) sun ƙare da a, amma jinsinsu na namiji ne. Na (3) su ma sun ƙare da a, amma jam'i ne, Hausa kuwa ba ta bambance jinsi a jam'i, kowane jam'i -n yake ɗauka. Rukuni na (4) ya fi ban sha'awa, domin sunayensa na mace ne, tun da ana cewa gwamnati ta ce, Kano ta cika, amma da yake ba su ƙare da a ba, sai suka ɗauki -n. A nan rubutun ya dace da harafin, amma ya yi kuskuren jinsin, kuma ɗalibin da ya yarda da shi zai iya rubuta "gwamnati ya ce".

Ashe ke nan sharuɗɗan -r biyu ne, kuma dole su haɗu: suna ya zama tilo na mace, ya kuma ƙare da a. In ɗaya ya faɗi, sai -n. Wannan ba sabon bincike ba ne. F. W. Parsons ya fara jerin maƙalunsa a kan jinsi a Hausa tun 1960, M. K. M. Galadanci ya fitar da littafinsa na nahawu a 1976, Paul Newman kuma ya yi bayani a 1979 cewa ƙarewar yawancin sunayen mace da a ta samo asali ne daga wani ɗafi da aka riƙa liƙa musu a tarihin harshen. Gaskiyar da ke nan ita ce, akasarin sunayen mace da a suke ƙarewa. Kuskuren rubutu na (1) shi ne ya juya maganar, ya ce duk mai ƙarewa da a na mace ne. Kasancewar galibin manoman tumatir suna da kwando bai sa duk mai kwando ya zama manomin tumatir ba.

Illar ba ƙarama ba ce. Yaro Bahaushe ba ya cewa "nomar rani" a bakinsa; ya riga ya iya ƙa'idar tun yana goye. Darasin da bai cika ba shi ne zai sa ya yi shakkar abin da ya sani, ya ɗauki alƙalami ya gyara daidai zuwa kuskure. Alamar da malami zai gane haka ita ce ya ga "ruwar" ko "buhunar" a littafin yaron da bai taɓa furta su ba.

4.0 Kunne da ido

Akwai matsala ta biyu wadda ta keɓanta da rubutun da za a ji da kunne. Darasin na ƙa'idar rubutu ne, amma da murya ake isar da shi, furuci kuwa ba kullum yake bin rubutu ba. A Kananci, -r takan narke cikin baƙin da ya biyo ta, sai a ji "gonas Sani" da "gonal Lawal". Haka -n takan koma m a gaban b ko m, sai a ji "ruwam Bunkure". Wani lokaci ma haruffan biyu sukan haɗu a sauti guda: gonar nan takan fito "gonan nan", kamar dai gidan nan. Daidaitacciyar Hausa ta zaɓi a rubuta -r da -n ko yaya aka furta su.

Saboda haka zaɓen misali a irin wannan rubutu bai tsaya ga ma'ana ba. Wajibi ne marubuci ya duba baƙin da ke bin harafin nasaba. "Gonar alkama" misali ne mai kyau, domin -r tana fita a cikinsa ba tare da wahala ba. "Gonar nan" ko "motar Musa" kuwa, in malami ya faɗe su da harshen gida, ɗalibi zai ji n ko m a daidai inda ake ce masa akwai r.

5.0 Sake tsara rubutun

In aka janye gaisuwa, aka maye gurbin doka da gwaji, ana iya samun wannan:

(5) "Gonar alkama, amma noman rani. Me ya sa? Kada ka dubi ƙarshen suna kawai. Gwada shi da ne ko ce. Gona ce, sai gonar alkama. Noma ne, sai noman rani. Buhuna ne, sai buhunan shinkafa. Ba a sa r sai suna ya karɓi ce, kuma ya ƙare da a. Yanzu gwada da kanka: ruwa."

Kalmomin (5) 54 ne, wato ya fi (1) gajarta, amma ya fi shi ɗaukar kaya. Ya buɗe da sunaye biyu masu ƙarewa iri ɗaya da suka rabu a harafin nasaba, don haka tambayar ta tashi da kanta. Ya dogara da dirka, wato ne da ce, abin da ɗalibi ya riga ya mallaka a harshensa. Misalansa uku kowanne da aikinsa: na mace, na namiji mai ƙarewa da a, da jam'i. Jimlar da ta tattara ƙa'idar ta zo bayan misalai, ta kuma riƙe sharuɗɗan nan biyu, don haka gwamnati da mace ba za su karya ta ba. Daga ƙarshe an bar wa mai sauraro aiki guda, wanda zai iya ba da amsarsa nan take.

Shi ma (5) yana da iyaka. Gwajin dirka yana aiki ne ga wanda bambancin jinsi yake raye a bakinsa, kamar Bakano. Ga mai karin harshen da ya sassauta wannan bambanci, irin na wajen Bauchi, ko wanda ya koyi Hausa da girma yana cewa "gona ne", gwajin ba zai haifar da komai ba. Shi sai ƙamus da yawan karatu. Haka nan akwai sunaye masu karɓar jinsi biyu, alal misali kaka, inda kakan Musa da kakar Musa duk daidai ne, ma'ana ce ta bambanta. Wannan darasi ne na wani rabin mintin, bai kamata a cusa shi a wannan ba. Akwai bambanci tsakanin rubutun da ya yi shiru a kan wani abu da wanda ya faɗi abin da ba haka yake ba.

Wannan ma'auni ya shafi lissafi ma. Dokar nan da ake yawan ji, cewa in za a ninka lamba sau goma sai a ƙara mata sifiri, tana tafiya daidai a kan 25, amma ta karye a gonar da ta kai eka 2.5, domin 2.5 × 10 = 25 ne, ba 2.50 ba. Ciwon iri ɗaya ne: an ɗauki abin da ya yawaita, an yi masa rawanin "duk".

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ana iya auna rubutun gajeren darasi da tambayoyi uku. Kalma nawa ce ta tafi a kan darasin kansa? Shin ƙa'idar za ta tsaya in aka gwada ta da sunaye goma na farko da ɗalibi zai ji a gida ko a gona? Shin kunne zai ji abin da ake so ido ya rubuta? Rubutu na (1) ya gaza a tambaya ta farko da ta biyu, ya tsira a ta uku. Ya dace malamai da masu horar da su su riƙa karanta irin wannan rubutu da agogo a hannu ɗaya, jerin kalmomin yankinsu a ɗaya hannun, kafin su ɗauki murya. A Bunkure, noma da ruwa da buhuna sun isa su fara jerin.