Faci a Kan Gem: Abin da Ke Lalata Haruffa da Yadda Ake Gyara Su

Duk matashin da ke buga ƙwallo a waya ta manhajar PPSSPP, ko a Gulma yake ko a Argungu ko a Birnin Kebbi, ya taɓa gem ɗin da aka yi wa faci, ko ya sani ko bai sani ba. Kamfanin Konami ya daina fitar da PES a na'urar PSP tun bayan PES 2014. Saboda haka duk wani "sabon PES" da ake turawa ta Xender a shagon cajin waya, mai ɗauke da 'yan wasan bana da rigunan bana, aikin masu sha'awa ne da suka buɗe tsohon gem suka sauya masa ciki. Da irin wannan dabara wasu ke sauya wa gem harshe gaba ɗaya, kuma wannan reshe na sana'ar ya fi na ƙwallo wuya nesa ba kusa ba.

Al'adar ta yi ƙarfi ne a kan wasannin Japan da kamfanoni suka ƙi fassarawa. Final Fantasy V ya fito a 1992 da Japananci kaɗai, sai wata ƙungiyar matasa mai suna RPGe ta kammala masa fassarar Ingilishi a 1998. Mother 3 ya fito a 2006, kuma a watan Oktoba na 2008 ayarin da Clyde Mandelin ya yi wa aikin fassara ya saki nasa facin. Ba gem ɗin suke rabawa ba, domin haƙƙin mallakarsa na kamfani ne. Ƙaramin fayil suke bayarwa mai ɗauke da bambancin da ke tsakanin na asali da fassararren, mai wasa ya ɗora shi a kan nasa kwafin. A wannan ɗorawar ce yawancin ɓarna ke farawa.

Tsohon nau'in faci, wato IPS, makaho ne. Abin da ke cikinsa umarni ne tsagwaronsa: je ka wuri kaza a cikin fayil, ka rubuta kaza. Ba ya tambaya ko fayil ɗin da aka ba shi ne wanda aka yi aikin a kansa. Kamar mai facin taya ne da aka ce ya auna taƙi biyu daga bakin iska ya manna roba, shi kuwa ya manna ko da tayar wani babur aka miƙo masa. Wasannin Super Nintendo sun shahara da wannan tarko, domin tsofaffin na'urorin kwafe kaset suna ƙara bayit 512 a farkon fayil. Idan an shirya faci don fayil mai wannan ƙari, aka ɗora shi a kan wanda ba shi da shi, kowane gyara zai sauka bayit 512 nesa da mazauninsa. Sakamakon yakan zama baƙin allo, ko hoto mai kama da tarkace. Gane ƙarin ba wuya: a raba girman fayil da 1024, in ragowar 512 ce, to yana nan.

Nau'o'in da suka zo daga baya, UPS da BPS, sun magance wannan ta hanyar ajiye lambar tantancewa ta CRC32. Kafin su taɓa komai sai sun auna fayil ɗin, in bai dace ba manhajar ta yi gargaɗi. Mutane da yawa na ɗaukar gargaɗin a matsayin tsiya, su nemi maɓallin tsallake shi. Kuskure ne. A inda data ke da tsada kuma fayil ke yawo daga waya zuwa waya, ana sauya masa suna sau da yawa a hanya, sunan ba ya tabbatar da komai. Wanda aka rubuta wa "original" zai iya zama bugun Turai, ko bugu na biyu, ko kuma wanda wani ya riga ya yi wa faci. Pokémon FireRed na 2004 yana da bugu 1.0 da 1.1 na Ingilishi, a allo kusan ba a bambance su, amma abubuwan cikinsu ba a wuri ɗaya suke zaune ba, kuma galibin faci don 1.0 aka yi su. Mai hankali yakan ajiye kwafi mai tsabta gefe guda, ya kwatanta lambar CRC32 da wadda masu fassara suka rubuta, sannan ya buɗe Floating IPS a kwamfuta ko UniPatcher a waya.

To, a ce faci ya hau lafiya, gem ya tashi, amma rubutun ya fito a karye. Nan ne aikin gaske yake, kuma hanya mafi sauƙi ta ganin sa ita ce a ɗauki misalin wanda ya zauna zai saka Hausa a cikin FireRed ɗin nan.

Tsohon gem bai san harafi ba, lamba ya sani. Yana da jerin ƙananan hotuna, kowane hoto da lambarsa, kuma rubutu a wurinsa jerin lambobi ne kawai. A FireRed, lambar `BB` ce babban A, `D5` ƙaramin a, `00` tazara tsakanin kalmomi, `FE` sabon layi, `FF` kuma ƙarshen magana. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ a jerin. Wanda ya kwafo kalmar "ƙofa" daga wayarsa ya zuba kai tsaye zai sha mamaki, domin waya na ajiye ƙ da bayit biyu, `C6 99`, shi kuwa gem ɗin `C6` a wurinsa babban L ne.

Mafita ita ce aron gurbi. A jerin akwai haruffan Jamusanci guda shida a jere, Ä Ö Ü ä ö ü, daga `F1` zuwa `F6`, waɗanda fassarar Hausa ba za ta taɓa buƙata ba. Rubutun Hausa na Nijeriya kuwa haruffa masu lanƙwasa shida cif yake nema, manya uku ƙanana uku, tunda 'y ana haɗa ta ne da alamar da ke nan tuni. Sai mai gyara ya sake rubuta teburinsa:

```
F1=Ɓ
F2=Ɗ
F3=Ƙ
F4=ɓ
F5=ɗ
F6=ƙ
```

Da wannan tebur "ƙofa" ta zama `F6 E3 DA D5 FF`. Bahaushen Maraɗi ko Dogonduci da ke rubuta ƴ da Ƴ sai ya nemo ƙarin gurbi biyu daga haruffan Faransanci da ke farkon jerin, amma ya bar é, saboda sunan Pokémon kansa na amfani da ita.

Tebur dai takarda ce, bai sauya abin da ke fita a allo ba. Har yanzu gem zai nuna "üofa" sai an buɗe hoton harafin an zana shi da hannu, ɗigo bayan ɗigo. Hanyar da ta fi ita ce a kwafi k na asali a zuba a gurbin ü, sannan a ƙara ɗigo biyu ko uku a saman sandar, su karkata dama. Ƙugiyar ɓ da ta ƙ ba su cika ba da wahala ba. Ta ɗ ce mai gardama, domin sandarta a gefen dama take, ƙugiyar kuma dama take nufa, sai ta leƙa waje da iyakar harafin. Ga kuma wani abu: gem ɗin yana da wani teburi dabam da ke faɗin faɗin kowane harafi. In an zana ɗ mai faɗi aka bar mata awon ö, harafin da ke biye zai hau kanta ya cinye ƙugiyar, "ɗaki" ta koma "daki". Duk inda aka ga haruffa na cin juna, ko wata tazara ta buɗe a tsakiyar kalma, teburin faɗi ne ba a gyara ba. Kuma salon rubutu ba ɗaya ba ne a gem ɗin. Akwai na hira, akwai ƙarami na wasu jerin zaɓi, kowanne da hotunansa, shi ya sa ƙ kan fito daidai a bakin ɗan wasa amma ta koma ü a wani allon.

Wannan batu na faɗi shi ne ya wahalar da magabatan sana'ar. Haruffan Japananci faɗinsu ɗaya, kuma kowanne gaɓa ce sukutum, don haka akwatin da ya ishe su ba ya isar Ingilishi. Sai da masu aikin Final Fantasy V suka sake rubuta sashen gem ɗin da ke zana rubutu, domin siririn harafi irin i ya daina cin wurin da m ke ci. Mai aiki a kan FireRed na Ingilishi ya gaji wannan a shirye, sa'a ce babba.

Saura akwatin. Allon Game Boy Advance, na'urar da aka yi FireRed dominta, ɗigo 240 ne a faɗi, 160 a tsaye, akwatin hira kuma layi biyu yake ɗauka. Gem ɗin ba ya karya layi da kansa. In jimla ta yi tsawo ba a sa `FE` ba, rubutun zai bi ta bangon akwatin, ƙarshensa ya ɓace ko ya ɓata wani wuri. Ƙidayar haruffa ba ta wadatar a nan, faɗinsu ake tarawa, domin layi mai yawan m da w yakan cika kafin mai yawan i da l. Hausa kuma na da yawan ƙananan kalmomi, su "da" da "na" da "ya", kowacce da tazararta, sai jimla ta ɗara ta Ingilishi tsawo ba a ankara ba.

Tsawon yana da wani haɗarin da ya fi na allo. A cikin fayil, maganganu jere suke kai da kai. Fassarar da ta fi ta asali tsawo za ta taka `FF` ɗin ƙarshe ta shiga cikin maganar gaba. Alamar a fili take: tsoho ya gama gaisuwa sai ya zarce da rabin zancen mai shago, ko gem ya sandare. Maganin shi ne a ƙaurar da jimlar zuwa fili. Masu gyaran FireRed sun saba amfani da wurin da ba kowa daga `0x800000`, sannan su sauya adireshin da ke nuna wa gem inda jimlar take. Na'urar tana ganin kaset daga `0x08000000`, kuma tana karanta bayit ɗin adireshi daga baya zuwa gaba, don haka sabon adireshin `00 00 80 08` ake rubuta shi. Wanda ya juya jerin ya tura gem neman magana a inda babu ita.

Akwai wuraren da ƙaura ba ta aiki cikin sauƙi. Sunayen dabarun faɗa suna cikin tebur mai ƙayyadadden gurbi, bayit 13 kowanne, wato harafi 12 da alamar ƙarshe. THUNDERBOLT harafi 11 ne, ya shiga. "Walƙiyar aradu" 14 ne da tazararsa, zai ci farkon sunan da ke biye. A nan mai fassara ne zai sassauta, ya ce "Aradu" ya wuce, kuma sau da yawa gajeren sunan ya fi daɗi a baki.

Gwaji ma da nasa tarkon. Emuleta na da hanyar daskarar da wasa a ci gaba daga baya, kuma wannan ajiya tana riƙe da duk abin da ke ƙwaƙwalwar na'ura a lokacin, har da tsofaffin haruffan da aka riga aka zana a allo. Wanda ya gyara ɗ sannan ya buɗe tsohuwar ajiya zai iya ganin ɓarnar tana nan, ya koma yana tonon abin da ya riga ya gyaru. Bayan kowane gyara ana tayar da gem ne daga farko, a shiga ta ajiyar cikin wasa. Sannan a ba ɗan wasa suna mafi faɗi da gurbin zai ɗauka, harafi bakwai duka W, domin jimlar da ta zauna daram da sunan "Ali" tana iya fasa akwati idan sunan ya cika gurbinsa.