Gwanintar Faɗa Wa Oga Gaskiya

Duk wanda ya yi aikin gwamnati a Najeriya ya san fom ɗin APER, wanda aka daɗe oga yana cikewa a kan na ƙasa da shi kowace shekara. Abin da ba mu saba da shi ba shi ne a juya takardar, a ce wa ma'aikaci: kai ma auna shugabanka. Kamfanoni da ƙungiyoyi da dama sun ɗauki wannan tsari, kuma na lura yawancin mutane ɗayan biyu suke yi. Ko dai su cika fom ɗin da yabo don a zauna lafiya, ko su juye haushin shekara guda a layi uku. Kaɗan ne suka iya abin. Na taɓa aiki da wata mata da ta iya, kuma a wajenta na gane cewa wannan ma sana'a ce mai ƙa'ida.

Mu shida ne a ƙarƙashin wani shugaban sashe, mutumin kirki, sai dai yana da wata ɗabi'a. Za a raba aiki a taron safiyar Litinin, kowa ya kama nasa, zuwa Laraba sai ya sauya shawara ya gaya wa mutum ɗaya a baki, sauran su ci gaba da tsohon aikin har Juma'a. Da fom ya zo, wani abokin aikinmu ya nuna mini abin da ya rubuta: "Oga ba shi da tsari, ba ya ganin darajar mutane." Ita kuwa ga nata: "A wata ukun da suka wuce, sau da yawa an sauya aikin da aka raba ranar Litinin ba tare da an sanar da kowa a rubuce ba. Hakan ya sa wasunmu suka yi kwana biyu ko uku a kan aikin da aka riga aka janye. Da za a riƙa tura gajeren saƙo ga kowa a ranar da aka yi sauyin, da an huta da wannan asara."

Magana ɗaya suke yi, amma dubi bambancin. Shi ya yanke wa mutum hukunci, ita ta ba da labarin aiki. Ta faɗi lokaci, ta faɗi abin da ido ya gani, ta faɗi ɓarnar da ya jawo, sannan ta roƙi abu guda wanda za a iya farawa gobe da safe. Matakai ukun farko su ne tsarin da cibiyar horar da shugabanni ta Center for Creative Leadership da ke Amurka ta yi suna da koyarwa: yanayi, aiki, sakamako. Oga zai iya musanta cewa ba shi da tsari, har ya kawo shaidu. Amma ba zai iya musanta cewa an sauya aikin Litinin ba, domin shi ya sauya.

Akwai bincike a bayan wannan. A 1996 wasu masana biyu, Kluger da DeNisi, suka tattara ɗimbin nazarce-nazarce kan gaya wa mutum yadda aikinsa yake, suka tarar a fiye da kashi ɗaya cikin uku aikin ƙara lalacewa ya yi. Bayaninsu shi ne, idan maganar ta karkata ga mutumin kansa, hankalinsa kan tashi daga aikin ya koma kare mutunci. Bahaushe ma ya san haka, shi ya sa yake cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kayan ake nunawa, ba mai kayan ba.

Sai dai inda gwanintarta ta fi burge ni shi ne wajen kare kai, domin a nan akwai tarko. Gwargwadon yadda ka fayyace misali, gwargwadon yadda ka nuna kanka. Da ta rubuta cewa ranar kaza ya janye rahoton da ta kwana tana haɗawa, da ba sai ta sa suna ba. Don haka ta zaɓi abin da ya faru a gaban kowa, wanda kuma ya maimaita kansa, ta yadda kowane ɗayanmu shida zai iya zama marubucin. Ta ce "wasunmu", ba ta ce "ni" ba. Ta kuma cire kalmomin da aka san bakinta da su. Tana da wata kalma da ba ta iya jimla biyu ba ta sako ta ba, kowa a ofis ya sani, har ana tsokanarta. A takardar nan ko sau ɗaya ba ta fito ba.

Kafin ma ta taɓa fom ɗin sai da ta je wajen jami'ar kula da ma'aikata da tambayoyi. "Hajiya, wa zai ga amsoshin nan yadda muka rubuta su? Kuma mutum nawa ne sai sun amsa kafin a ba oga sakamako?" Tambaya ta farko tana raba abu biyu da ake yawan haɗawa: fom ɗin da ba wanda ya san mai shi, da fom ɗin da wani ya sani amma ya yi alkawarin rufewa. In da adireshin imel ɗinka na ofis ka shiga, ka ɗauka na biyun ne. Tambaya ta biyu kuwa lissafi ce. A ce mutum uku suka amsa, maki daga 1 zuwa 5, oga ya ga matsakaicin ya tsaya a 3.7. Idan ya tabbata biyu 'yan gaban goshinsa ne da suka ba shi 5, to jimillar 11 ce, ya san na ukun 1 ya ba shi, ya kuma san ko wane ne. Kamfanin Google, wanda ya gina irin wannan fom bayan bincikensa na Project Oxygen kan halayen shugaba nagari, ya kafa ƙa'idar ba a fitar da rahoto sai aƙalla mutum uku sun amsa. A ganina uku ma ya yi kaɗan a ofishin da kowa ya san kowa.

Wani abu da Google ya yi daidai shi ne raba sakamakon da batun albashi da ƙarin girma, aka bar shi na gyara kawai. Da zarar makin ya shafi aljihun oga, sai a fara kamun ƙafa kafin lokacin fom, na ƙasa kuma su fara jin tausayi ko tsoro. Alamar haka ba ta ɓuya: kowa ya ba da 5, wurin rubutu kuma fayau.

Abokiyar aikin nan tawa ba ta manta da yabo ba, amma shi ma da hujja ta yi shi. Ta rubuta cewa oga yana tsaya wa mutanensa idan na sama sun zo da faɗa, ta ce a ci gaba. Ƙorafi kuwa ɗaya tak ta kawo, ko da yake na san tana da huɗu. Ta ce mini wanda aka ɗora wa huɗu ba zai ɗauki ko ɗaya ba. Ta kuma bar rubutun ya kwana kafin ta tura.

Fom ɗin yana da iyaka. Cin zarafi, neman mata a ofis, ko taɓa kuɗin ma'aikata ba nan ne wurinsu ba, domin takardar hannun wanda ake zargi za ta koma. Waɗannan hanyar ƙorafi ta hukuma ake bi da su, da shaida a hannu.

Namu dai bai kai can ba. Makonni kaɗan bayan fitowar sakamako, saƙon sauyin aiki ya fara shigo mana a rubuce, ba kullum ba, amma mafi yawan lokuta. Har na bar wurin, oga bai san wanda ya rubuta ba.