Kwabo Mai Huji da Baƙin Sule: Nazari a kan Ƙimar Tsohon Kuɗin da Aka Tsinta

Sau da yawa, idan ruwan farko ya sauka ya wanke fuskar ƙasa, ko kuwa garma ta bi ta kan wani kufai inda dā aka yi gari ko kasuwa, manomi yakan ga wani ɗan ƙarfe zagayayye ya leƙo daga cikin turɓaya, ya ɗauka ya murza da babban yatsa, sai ya tarar tsohon kuɗi ne na zamanin Turawa. Daga nan zance yakan rabu biyu: wani ya ce tarkace ne, a ba yara su yi wasa, wani kuma ya rantse cewa dukiya ce, tun da an ce da tsohuwar zuma ake magani. Alhali kuwa masana wannan fanni ba su yanke hukunci da tsufa kaɗai, sai sun bi waɗansu ƙa'idoji daki-daki, kamar yadda alƙali ba ya hukunci sai ya ji shaidu.

Mu ƙaddara cewa abin da aka tsinta guda biyu ne. Na farko fari ne, mai faɗi, da huji a tsakiya. Na biyu ƙarami ne, ba huji, ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Farkon abin da ya wajaba shi ne a san ko mene ne, kafin a tambayi nawa ne, kuma hanyar sani ita ce a ɗauraye shi da ruwa zalla, a tsane shi da tattausan ƙyalle, a karanta abin da ke jikinsa a hasken rana.

A fuska ɗaya ta mai hujin akwai tauraro mai tsini shida, wanda malamai ke kira hatimin Annabi Sulaimanu, da shekara a ƙasa, 1936. A ɗaya fuskar akwai kambin sarauta a saman hujin, da sunan sarki a kewaye, da rubutun Larabci a ƙasa mai faɗin adadin kuɗin. Girmansa ma shaida ne, domin irin waɗannan masu huji uku ne: anini, wanda goma suke kwabo, da ɗari, wato rabin kwabo, da kwabon kansa, mai faɗin kusan milimita 30 da nauyin giram tara da kusan rabi. Dab da hujin akan sami ɗan ƙaramin harafi mai nuna gidan da aka buga shi: H ko KN na nufin ɗaya daga gidaje biyu na Birmingham, rashin harafi kuwa na nufin gidan buga kuɗin gwamnati a Landan. Shekarar ma takan gaskata ko ta ƙaryata sauran shaidun, domin an fara buga anini da kwabo a 1907, ɗari kuma a 1911, sabili da haka wanda ya zo maka da ɗari mai shekarar 1908, ka san akwai lauje cikin naɗi.

To, sunan da ke kan wannan kwabo na Sarki Edward na takwas ne, wanda ya hau gadon sarautar Ingila a watan Janairu na 1936, ya yi murabus a Disamba ta wannan shekara, tun kafin a saki kuɗi mai hotonsa a ƙasarsa. Da yake kuɗi mai huji ba ya ɗaukar hoto, suna kawai ake sawa, sai ga shi an riga an buga nasa an aiko Afirka ta Yamma. Mai jin wannan tarihi zai zaci ya tsinci abin da ba a samu, amma haƙiƙa an buga su miliyoyi, kuma da labarin murabus ya bazu, mutane suka yi ta ɓoye sababbi fil saboda tsammanin za su yi tsada, har ya zama a yau masu tara tsofaffin kuɗi suna samun wanda bai taɓa shiga kasuwa ba a kan farashi mai sauƙi. Ina ga wanda ya shekara tamanin da ɗoriya a ƙasa, gishirin ƙasa ya ci fuskarsa? Ƙarfensa kuma gauraye ne na jan ƙarfe da nikel, ba shi da wata daraja a wurin maƙeri. Ashe labari mai daɗi daban, ƙarancin abu daban, kuma ƙarancin ne ake saye.

Baƙin nan da aka raina kuwa, da aka dube shi da kyau sai ga itacen kwakwa ya raba shekarar gida biyu, 1916, a bayansa kuma hoton Sarki Joji na biyar da kambi. Sule ne, daga cikin waɗanda Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1912, ta fara fitarwa a 1913. Daga wannan shekara zuwa 1919 azurfa ce kashi 925 cikin dubu. A 1920 aka rage ta zuwa rabi, sa'an nan aka koma ga tagulla mai ruwan ɗorawa. Lissafin ba wuya: sabon sule giram 5.66 ne, azurfar cikinsa ta ɗara giram biyar kaɗan, sai a cire abin da hannuwa suka cinye. A tambayi farashin giram ɗaya na azurfa a wurin maƙeran farfaru a ranar, a ninka, abin da ya fito shi ne mafi ƙarancin ƙimarsa, wadda ba ta faɗuwa ko da rubutun ya shafe sarai. Baƙin da ya yi ma alama ce mai kyau, domin haka azurfa take yi in ta daɗe.

Sai dai a kiyayi jabu, domin a zamanin an yi ta zuba sulallan ƙarya, har ya sa daga 1938 aka riƙa yi wa gefen sule wani tsagi na musamman. Wanda aka zuba a kwami yakan yi ƙananan ramuka a fuska, rubutunsa ya yi dushi-dushi, a ga layin haɗi a gefe, nauyinsa ya kasa. In aka ɗora shi a kan yatsa aka ƙwanƙwasa, sai ya ce ƙwas, maimakon amon azurfa mai tsawo. Maganaɗisu kuma ba ya kama azurfa, amma wannan rabin shaida ce, tun da dalma ma ba ya kama ta.

Abin da ya rage shi ne lafiyar jikin kuɗin, kuma a nan ne mafi yawan masu tsintuwa suke yi wa kansu ɓarna da hannunsu. Mai saye yakan duba wuraren da suka fi tudu, kamar duwatsun kambi da gemun sarki da ganyen kwakwa, domin su ne suke fara lashewa. Gwargwadon abin da ya saura na zanensu, gwargwadon abin da zai ƙara a kan kuɗin azurfar. Wanda ya ɗauko toka da lemon tsami ko yashi ya dirje sulensa har ya yi ƙyalli, ya kankare fatar ƙarfen ke nan, ya bar ƙananan zane-zane da madubin ƙara girma ke tona asirinsu nan take, ya mayar da abin tarihi guntun azurfa kawai.

In kuwa ba ɗaya ko biyu ba ne, tukunya ce guda aka tono, to kada a rarraba, a kuma riƙe sanin inda aka same ta, a nuna wa ma'aikatan gidan tarihi, kamar na Gidan Makama a Kano. Domin shekarar da ta fi kusa a cikin tarin ita ce ke nuna cewa ba a binne shi kafin wannan lokaci ba, kuma wannan ilimi yakan salwanta da zarar an watsa kuɗin hannu-hannu. Amma mai tsintuwar nan tamu, sulensa na da mai saye ko yau. Kwabon kuwa gara ya zura masa zare ya ajiye, ya nuna wa jikokinsa sunan sarkin da bai cika shekara ba.