Kalmar da ta Dace da Mamaci: Tsokaci a kan Rubutun Katin Tunawa

Duk wanda ya zauna a kudancin ƙasar nan ya san katin tunawa da mamaci. Ana raba shi a wajen fida'u ko a coci, da hoton mamacin a gaba, da ranar haihuwa da ta rasuwa, sannan 'yan kalmomi a ƙasa. Hausawa mazauna unguwanni irin su Sabo ta Ibadan da Agege ta Ikko, da ɗalibanmu na jami'a idan sun rasa aboki ko malami, su ma sukan buga irinsa. Malamai sun yi saɓani a kan taron sadakar uku da bakwai da arba'in, wannan kuwa ba fagenmu ba ne. Abin da ya shafe mu shi ne waɗannan 'yan kalmomin, domin su ma adabi ne, kuma adabi ne mai wuya, tun da yake filinsa bai fi tafin hannu ba, masu karanta shi kuma zukatansu a karye suke.

Idan aka tara irin waɗannan katuna aka jera su, za a tarar kusan bakinsu ɗaya. An yi babban rashi. Bango ya faɗi. Ya bar giɓin da ba za a iya cikewa ba. Mutuwa rigar kowa. Mai saurin hukunci zai ce laifin waɗannan kalmomi shi ne tsufa, wato an faɗe su har sun gaji. Mu a ganinmu ba nan gizo ke saƙa ba. Ayar istirja'i, wato ta 156 a Suratul Baƙara, ta fi su duka tsufa da yawan maimaituwa, amma babu Musulmin da ya taɓa jin ta gundure shi a gidan makoki, domin ita ibada ce, ba a sa ta don ta bayyana mamacin ba. Matsala tana tasowa ne a lokacin da aka ɗora wa jimla nauyin siffanta mutum, alhali jimlar ba ta san shi ba.

Akwai gwaji mai sauƙi da za a iya yi kafin a kai aiki maɗaba'a. A sa yatsa a rufe suna da hoto, a karanta abin da ya saura. Idan za a iya ɗaukar wannan rubutu a manna shi a katin ɗan kasuwa mai shekara tamanin, a sake manna shi a katin ɗaliba mai shekara ashirin, ba tare da an canza harafi ba, to ba a ce komai a kan wanda ya rasu ba tukuna.

Magabatanmu sun san wannan. Nana Asma'u 'yar Shehu (1793-1864) ta yi marsiyyoyi da dama, daga ciki har da na ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello wanda ya rasu a 1837, da na mijinta Waziri Giɗaɗo. Abin lura a cikinsu shi ne ba ta tsaya ga kuka kawai ba, takan ambaci halin mutumin da ayyukan da aka san shi da su, har mai saurare ya gane wane ne aka rasa. Katin tunawa ƙaramin ƙanen marsiyya ne, ya kamata ya gaji wannan hali ko da a layi ɗaya.

Aya da wanda take magana da shi

Tambayar farko da ya kamata mai zaɓen aya ya yi ita ce: wa ke magana a cikinta, kuma da wa? Ayar da ta fi yawo a katuna bayan istirja'i ita ce ta 185 a Ali Imrana, mai cewa kowane rai zai ɗanɗani mutuwa. Gargaɗi ce ga masu rai, kuma daidai ne a sa ta idan wa'azi ake nufi. Amma wanda yake neman abin da zai sanyaya zuciyar marayu, ya sani ba wannan aiki ta zo yi ba. Sai kuma ayoyin ƙarshe na Suratul Fajri, daga ta 27 zuwa ta 30, inda ake kiran rai mai natsuwa ya koma ga Ubangijinsa ya shiga Aljanna. Suna da daɗi ƙwarai, sai dai idan aka ɗora su kai tsaye a ƙarƙashin hoto, mai karatu zai iya ɗauka an yanke wa mamacin hukuncin shiga Aljanna. A cikin Bukhari akwai labarin Ummul Ala'i, wadda ta shaidi Usmanu ɗan Maz'unu da cewa Allah ya girmama shi bayan ya rasu, sai Annabi (SAW) ya tambaye ta yadda aka yi ta sani. Maganin abin ƙarami ne: a biyo bayan ayoyin da addu'ar Allah ya sa shi cikin waɗanda za a yi wa wannan kira. Haka nan ayar shahidai, ta 169 a Ali Imrana, wadda ɗalibai ke gaggawar ɗaukowa idan aboki ya rasu a hatsarin mota, ta sauka ne game da waɗanda aka kashe a Uhudu, don haka a tambayi malami kafin a yi amfani da ita.

'Yan'uwa Kirista ma suna da irin wannan tarko. Aya ta 7 a sura ta 4 ta wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Timoti, mai zancen kammala tsere, magana ce ta dattijon da ya hango ƙarshen aikinsa. Ta dace da tsohon fasto, amma a katin yaron da bai gama aji biyu na jami'a ba tana iya zama gishiri a kan miki.

Karin magana da baitin waƙa

Karin magana ta fi aya haɗari a wannan wuri, domin kowace tana tafe da inuwar wuraren da aka saba faɗinta. “Hali zanen dutse” tana kama da yabo a takarda, amma Bahaushe ya fi jifa da ita ga wanda ya ƙi barin mugun hali. “In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa” gaskiya ce, sai dai ta mayar da mamaci abin izina, kamar wanda aka kama da laifi. Wanda ya ɗauko baiti daga waƙar wa'azi, irin Imfiraji ta Aliyu Namangi, shi ma ya duba baitocin da ke gaba da baya, kada ya zamana layin da ya burge shi mabuɗin zancen azabar kabari ne, masu haddar waƙar kuwa za su ƙarasa ta a zuci. Bugu da ƙari, baiti mai ƙwar biyar sau da yawa ma'anarsa ba ta cika sai a ɗango na biyar. In an yanko biyu na farko saboda ƙarancin fili, an bar magana a rataye.

Mafi muni shi ne fassarar jimlolin katunan Ingilishi kalma da kalma. “Huta lafiya” sallama ce da ake yi wa mai rai bayan ya sha aiki, ba addu'ar mamaci ba ce. Hausa tana da nata: Allah ya sa ya huta, Allah ya kai haske kabarinsa, halinsa na gari ya bi shi.

Misali

Mu ƙaddara wata malama ce ta rasu, wadda ta yi shekara talatin tana koyar da yara a wata Islamiyya, 'ya'yanta kuma suna son buga kati mai girman rabin rabin takardar ofis. Bayan hoto da suna da kwanan wata, filin da ya rage ba zai ɗauki fiye da kalma arba'in ko hamsin ba in ana so tsofaffi su iya karantawa. Wannan fili ya ishi abu uku: nassi ɗaya, layi ɗaya da ya keɓanta da ita, da addu'a.

Tun da 'ya'ya ne masu magana, aya ta 24 a Suratul Isra'i ta fi sauran dacewa, domin addu'ar ɗa ce ga iyaye, yana roƙon a ji ƙansu kamar yadda suka rene shi yana ƙarami. Lafazinta na mutum biyu ne, uwa da uba, saboda haka kada a taɓa shi don ya dace da mace ɗaya. A bar aya yadda take, ai uban ma yana bukatar rahama, ko yana raye ko ya riga mu gidan gaskiya. Da a ce ɗalibanta ne masu buga katin, da hadisin nan na Muslim ya fi zama daidai, wanda ya ambaci abu uku da ladansu ba ya yankewa: sadaka mai gudana, da ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai addu'a.

Layi na biyu shi ne mai wuya, kuma ba a cikin littafi ake samun sa ba, a bakin waɗanda suka zauna da ita yake. A tambaye su abin da ta saba faɗa. Mu ce an tuna cewa duk lokacin da yaro ya kasa hadda ya fara hawaye, takan rufe masa allo ta ce “gobe ma rana ce”. Wannan magana ce ta kowa, ta ma fi “bango ya faɗi” yawo a gari. In aka sa ta ita kaɗai a ƙarƙashin hoton mamaciya za ta yi kama da ba'a, tun da goben duniya ta ƙare mata. Amma in aka gabatar da ita da rabin layi, sai ta koma tata:

Takan ce wa yaron da hadda ta gagara: “Gobe ma rana ce.”
Allah ya kyautata gobenta.

A nan kalmar “gobe” ta yi aiki biyu, ta aji da ta Ƙiyama, ba tare da an ƙawata komai ba. In aka rufe suna aka karanta, duk wanda ya yi karatu a gabanta zai gane ta, kuma ba za a iya mayar da layin katin wani ba. Ba a ce mata uwa ta gari ba, ba a ce mai haƙuri ba, amma an nuna haƙurin yana aiki. “Alheri danƙo ne” ma za ta dace da ita, sai dai fili ya cika, a bar ta.

Saura maɗaba'a, inda aikin kirki yakan lalace. Mabuga da yawa a kudu ba su jin Hausa, injinansu kuma sukan zubar da ƙugiyar haruffa, sai “kwana ya ƙare” ya fito “kwana ya kare”, “ɗa nagari” ya koma “da nagari”. Larabci kuwa yakan fito a warwatse, haruffa ba su haɗe ba, ko su juya daga hagu zuwa dama, don haka sai an ba mahaddaci gwajin bugu ya duba kafin a buga da yawa. Sannan a tuna inda kati yake ƙarewa bayan an watse: a ƙarƙashin kujeru, ko a hannun mai gyaɗa. Iyalin da wannan ya dame su suna iya rubuta sunan sura da lambar aya da ma'anarta da Hausa, su bar lafazin Alƙur'ani ga mai buɗe taro da addu'a.