Gundarin Gaisuwa da Zaɓen Murya: Sharhi kan Ma'aunin "Manya da Tsara" a Bakin Hausawan Faransa

Tsakure

Maƙalar tana bitar wata ƙa'ida da ta yaɗu wajen koyar da gaisuwa, wadda ke cewa a amsa wa manya da ma'aikatan hukuma cikin ladabi, a amsa wa abokai da tsara cikin sakin jiki. An gwada ƙa'idar a kan gundarin gaisuwa, wato "Sannu" ko "Salamu alaikum" da ba a haɗa ta da suna ko laƙabi ba, a muhallin Hausawa mazauna Montreuil da Paris da Lyon. Abin da aka gano shi ne ƙa'idar ta dace da Faransanci fiye da Hausa, domin Hausa tana da mataki na tsakiya da ƙa'idar ba ta ambata ba, kuma shi ne mai amsa gaisuwa ya fi buƙata.

1.0 Gabatarwa

Garin Montreuil, da ke manne da gabashin Paris a yankin Seine-Saint-Denis, ya yi suna da yawan mutanen Afirka ta Yamma, musamman 'yan Mali. Gidan kwanan ma'aikata baƙi na titin Bara, wanda aka buɗe a 1968 cikin tsohuwar masana'antar fiyano, ya zauna cibiyar wannan al'umma har zuwa 2018 da aka kwashe mazaunansa. Hausawa a nan 'yan tsiraru ne a tsakanin Sarakolawa da Bambara, kuma da yawansu daga Nijar suka fito, sun iso da Faransancinsu na makaranta. Saboda haka Bahaushen Montreuil yana gaisawa da tsari biyu a yini guda: da safe yana gaban ma'aikacin ofishin takardun zama da Faransanci, da maraice yana amsa wayar dattijon garinsu da Hausa. A irin wannan zama ne ake ɗauko ma'aunin wani harshe a aza wa wani ba tare da an lura ba.

2.0 Asalin Ma'aunin

A 1960 Roger Brown da Albert Gilman suka nazarci wakilan suna na mutum na biyu a harsunan Turai, suka nuna cewa zaɓi tsakanin "tu" da "vous" a Faransanci yana bin abu biyu: fifikon iko da kusancin zumunci. Nazarin ya yi daidai a inda aka yi shi, domin mai magana da Faransanci ba ya iya fuskantar mutum da wakilin suna sai ya zaɓi ɗaya daga cikin biyun. Matsalar tana tasowa ne idan aka fassara wannan kai tsaye, aka ce "ka" da "ki" na tsara ne, "ku" kuma na manya.

Gaskiya ne Hausa tana da "ku" na girmamawa, kuma ana jin "Kun kwana lafiya?" ga mutum ɗaya a wurare da dama. Sai dai gaisuwar da ta fi kowace nauyi a fada, wato "Ranka ya daɗe", da tilo ake yin ta, haka kuma "Allah ya ba ka nasara". Da tilo raini ne, da babu bafaden da zai furta su gaban sarki. Girmamawar Hausa ta fi zama a wasu wurare uku: laƙabi, kamar Malam da Alhaji da Hajiya da Yallaɓai da Baba, kauce wa fuskantar mutum kai tsaye, kamar a "Allah ya gafarta Malam", inda ake magana da shi tamkar ana magana a kansa, da kuma tsawon gaisuwar, daga gajiya zuwa iyali zuwa mutanen gida.

3.0 Abin da Gundarin Gaisuwa Yake Ɓoyewa

A gida, gaisuwa ba ta cika zuwa tsirara ba. Idanu suna ganin furfura da rawani, ana ganin wanda ya tuɓe takalmi da wanda ya rusuna. Ana kuma ganin wanda ya fara. Judith Irvine ta nuna a 1974 cewa a gaisuwar Wolof na ƙasa ne ke zuwa wurin na sama ya soma, kuma wannan ya yi daidai da al'adar Hausa da hadisin da ya umarci ƙarami ya yi wa babba sallama. Don haka wanda aka gaishe shi da "Ina kwana" yakan ɗauka cewa an ba shi girma, ya amsa a matsayin babba.

A ƙasar waje waɗannan alamomi suna raguwa. Rigar sanyi tana daidaita malami da ɗalibi a tashar jirgin ƙasa ta Croix de Chavaux, kuma a saƙon waya babu jiki ko murya baki ɗaya. Tsarin wanda ya kamata ya fara ma yana juyawa: dattijon da ya sauka jiya yana buƙatar matashin da ya san ofisoshi, saboda haka shi ne zai fara sallama. Matashin da ya karanta wannan da ma'aunin gida, ya ɗauka na ƙasa da shi ne ya rubuto, ya riga ya yi kuskure kafin ya buɗe baki. Ƙa'idar "manya da tsara" tana ɗauka cewa mai amsawa ya san matsayin mai gaisuwa, alhali rashin wannan sanin shi ne ainihin matsalar.

4.0 Misali Ɗaya Daki-daki

A ƙaddara wani ɗalibi ɗan Maraɗi da ke karatu a Lyon ya sami saƙo daga lambar da bai sani ba, mai farawa da +33, babu hoto, babu suna. Abin da ke ciki kawai shi ne "Salamu alaikum". Lambar ta nuna cewa layin na Faransa ne, ba ta nuna shekaru ba. Mai saƙon yana iya zama abokin ajinsa da ya sauya layi, yana iya zama dattijon Montreuil da mahaifinsa ya ba lambar.

Amsa uku ke gabansa. Ta farko ita ce "Wa alaikumus salam, ya ake ciki, mutumina?" Idan aboki ne, ta zauna daidai. Idan dattijo ne, an yi ɓarnar da ke da wuyar gyara, domin labarin yana iya isa Maraɗi kafin ɗalibin ya gane wanda ya yi wa magana, a ce yaron wane ya je Turai ya zubar da tarbiyya. Ta biyu ita ce "Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe, Allah ya ƙara girma." Idan dattijo ne, an dace. Idan aboki ne, iyakarta dariya, ko ya ɗauka zolaya ce. Idan kuma mace ce, "ranka" ta zama kuskuren jinsi. Nauyin kurakuran biyu bai zo ɗaya ba, kuma ƙa'idar ba ta faɗi haka ba.

Amsa ta uku ita ce "Wa alaikumus salam wa rahmatullah. An wuni lafiya?" Rabin farko ya bi umarnin aya ta 86 a Suratun Nisa'i, na a mayar da gaisuwa da irinta ko da wadda ta fi ta. Rabi na biyu ya yi amfani da "an", wanda Paul Newman ya kira mutum na huɗu a babban littafinsa na nahawun Hausa na 2000. Wannan lamiri ba ya nuna jinsi, ba ya nuna adadi, ba ya ɗaukaka kowa, ba ya ƙasƙantar da kowa. Faransanci yana tilasta zaɓi da zarar an fuskanci mutum da wakilin suna, Hausa kuwa tana ba mai amsawa damar jinkirta hukunci da zagaye ɗaya.

A zagaye na biyu ake samun shaida. Idan amsa ta dawo "Lafiya lau, ya garin? Kwana biyu", an gajarta, an tsallake iyali, to tsara ne. Idan ta dawo "Lahiya lau, yaro. Ina su Alhaji?", kalmar "yaro" da tambayar iyaye sun nuna babba ne, "lahiya" kuma ta nuna karin harshen Nijar ko na Sakkwato da kewaye. Daga nan wajibin ɗalibin ya sauya: ya sa laƙabi, ya karɓi ragamar tambayoyi, ya bi gajiya da sanyi da iyali, kada ya tambayi dalilin saƙon sai dattijon ya kawo shi da kansa. "Wa ke magana?" a jimlar farko ita ce ta fi kowace amsa muni. "Sai dai ban gane mai magana ba", bayan an gama gaisawa, tana biyan buƙata ɗaya ba tare da cin fuska ba.

5.0 Inda Ma'aunin Ya Karye ko da An San Mutum

Akwai wurare biyu da sanin shekaru ba ya taimakawa. Na farko shi ne wasa. Kaka ta girmi uwa, amma jika yana amsa sallamarta da tsokana, ita ma ta kira shi mijinta. Haka taubasai, haka Bafulatani da Babarbare, haka Bagobiri da Bayarabe. Idan ɗayansu ya amsa da cikakken ladabi, abokin wasan yakan fahimci cewa akwai fushi. Na biyu shi ne kunya. Suruki yana iya zama sa'an mutum ko ma ƙaninsa a shekaru, amma ba a sakin jiki da shi, ba a kuma kama sunansa.

Haɗa dattijo da ma'aikacin hukuma a rukuni guda ma kuskure ne a Faransa. Ladabi ga dattijon Bahaushe yana nufin tsawaita gaisuwa. Ladabi a gaban ma'aikacin ofishi a Paris yana nufin kalmar gaisuwa ɗaya wadda ba a tsallake ta, sannan a shiga buƙata. Wanda ya tambayi ma'aikaciya lafiyar iyalinta ya shiga abin da ba ruwansa, wanda kuma ya yi wa dattijo gaisuwar ofis ya yi masa rowa. Yaran da aka haifa a Montreuil sun fi faɗa wa na biyun, sukan ce "Sannu" su wuce, suna ganin sun cika ladabi, domin ma'aunin da suka tashi da shi bai san tsawon gaisuwa a matsayin girmamawa ba.

6.0 Kammalawa

Ƙa'idar daidaita murya da matsayin mai gaisuwa tana da amfani bayan an gano matsayin, amma ba ta koyar da yadda ake gano shi. Ga masu koyar da Hausa a wajen ƙasar Hausa, kamar a cibiyar INALCO ta Paris, da iyaye masu koya wa 'ya'yansu a gida, maƙalar tana ba da shawarar a sauya jerin darasin. A fara da amsar da ke amfani da "an", a bi da karanta alamomin zagaye na biyu, sannan a zo kan laƙabi da maganar tsara, a rufe da dangantakar wasa da ta kunya. Bincike na gaba zai amfana da tattara ainihin saƙonnin gaisuwa, da izinin masu su, don a ga a wane zagaye Hausawan Nijar da na Nijeriya suke barin "an" su koma "ka" ko "ku".