Shafin Majigi Ba Hukunci Ba Ne

Wani abokina akanta ya ce mini aikin sakataren kwamitin daraktoci ya ƙare, tunda duk wanda zai gabatar da bayani yakan zo da shafukansa na majigi. Wai a haɗa su a fayil, an gama minit ke nan. Ban yarda ba. Shafukan nan tun kafin a zauna aka tsara su, su ne abin da manaja yake fata. Minit kuwa bayan an tashi ake rubuta shi, shi ne abin da daraktoci suka yi da fatan nasa.

Sana'ar ba sabuwa ba ce. Akawunan majalisun En'e sun yi ta da alƙalami. A Amurka, littafin dokokin taro na Henry Robert, wanda ya fito a 1876, ya yaɗa ra'ayin cewa abin da aka zartar ake rubutawa, ba duk abin da aka faɗa ba. A Nijeriya, dokar kamfanoni ta 2020, kamar ta 1990 da ta gada, ta wajabta ajiye littafin minit, kuma idan shugaban zama ya sa hannu, kotu na karɓarsa a matsayin shaidar abin da ya gudana sai in an kawo hujjar akasin haka. PowerPoint ya zo a 1987, ya tarar da sana'ar da gemunta.

Mu ce manajan wani kamfanin casar shinkafa ya kawo shafi 14. Na 11 yana cewa a sayi sabon janareta a kan naira miliyan 48. Aka yi rabin sa'a ana kai-kawo. Wani darakta ya ce a gyara tsohon, wata ta tambayi kuɗin gas na wata, shugaba ya rufe da cewa, "To, ba laifi, amma a kawo farashi uku tukuna, kada kuma ya wuce arba'in." Malalacin sakatare zai buɗe shafi na 11 ya kwafe: an amince a sayi janareta na miliyan 48. Bayan wata biyu an biya kuɗi, takarda kuma tana bayan manaja. Alamar irin wannan minit ba ta ɓuya: kanunsa kanun shafukan ne, jerinsa jerinsu, ba ka ganin "amma" ko sau ɗaya.

Gwani yakan ajiye takardu biyu a gabansa, shafukan da kuma abin da ya rubuta da hannu a zauren, in sun saɓa, na hannun ya bi. Shafukan ya ba su layi ɗaya: manaja ya gabatar da bayani, an liƙa kwafi a baya. Mahawarar rabin sa'a ya taƙaita ta a layi uku. Sannan ya bar fili, ya sa lamba, ya rubuta hukunci shi kaɗai: kwamiti bai amince da miliyan 48 ba, manaja zai kawo farashi daga dillalai uku kafin zama na gaba, iyakar kuɗi miliyan 40, ba za a biya komai ba sai kwamiti ya sake zama.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda Hausa ta tanadi kayan wannan aiki. Muna da "an" da "aka", masu ɓoye mai yi. A sashen tattaunawa alheri ne: "an nuna damuwa kan kuɗin gas" ya adana hujjar, ya kuma rufa wa mai maganar asiri, gobe ba zai ji tsoron buɗe baki ba. Amma ƙanensu "a", na "a kawo farashi uku", idan ya shiga sashen hukunci ɓarna yake yi. Wa zai kawo? Manaja na jiran akanta, akanta na jiran manaja. A wajena iyakar tattaunawa da hukunci a nan take: inda "an" ya tsaya, muƙami da rana suka fara. Suna ɗaya nake bari a tattaunawa, na daraktan da ya nemi a rubuta cewa bai yarda ba, ko wanda ya bayyana cewa yana da hannu a cinikin ya fita.

Masu cewa a rubuta komai kalma da kalma don adalci ba su taɓa neman hukunci ɗaya a cikin shafi ashirin ba. Matsalar gaske a bakinmu take. Dattijo ya ce "sai mu duba", ko "Allah ya kai mu", kowa ya gyaɗa kai, wani ya ji e, wani ya ji a'a. Kunya kan hana sakatare katse manya, sai ya koma ofis ya cike giɓin da shafin majigi. Nagari kan jira shugaba ya numfasa, ya ce, "Ranka ya daɗe, me zan rubuta an yanke?" Ya karanta jimlar da ƙarfi, in an gyara ya gyara, kafin a taɓa batu na gaba.