Shahrastani da Zaman Natsuwar Mabiya Buda: Nazari da Gyara

Ɗaliban ilimin kwatanta addinai sukan fara sanin Buda ne daga littafin Al-Milal wan-Nihal na Imam Shahrastani, wanda ya rasu a shekarar 548 bayan Hijira (1153). Malamin ya kawo sunan Shakiyamuni, ya lissafa laifuffuka goma da mabiyansa ke gudu da kyawawan halaye goma da suke riƙo da su, sannan ya ce idan siffar da suka ba Buda gaskiya ce, babu wanda ya fi kama da shi sai Halliru. Adalcinsa wajen naƙalto abin yabo ne. Sai dai wannan kamantawa takan sa mai karatu ya ɗauki zaman natsuwarsu a matsayin halwa ko muraƙaba irin wadda muka gada a zawiyoyin Gwandu da Birnin Kebbi. Nassoshin mazhabar Terawada, da ke cikin harshen Pali, ba su goyi bayan wannan fahimta ba.

Sunan aikin a wurinsu bawana, ma'anarsa rainon zuciya, kamar yadda ake rainon shuka. Nassin Satipattana ya bayyana yadda ake yin sa. Mutum ya keɓe a gindin itace ko a ɗakin da ba kowa, ya harɗe ƙafafu, ya miƙe bayansa, ya sa lura ga numfashinsa: in dogo ne ya san dogo ne, in gajere ne ya san gajere ne. Idan hankali ya tsaya wuri guda, an sami natsuwar da suke kira samata. Amma ita tsani ce kawai zuwa ga wipassana, wato ganin abubuwa yadda suke.

A ɗauki misalin wanda gwiwarsa ta fara ciwo yana zaune. Ba zai roƙi sauƙi ba, ba zai yi haƙuri don neman lada ba. Zai kalli ciwon ne har ya ga yana ƙaruwa yana raguwa, ya ga ƙin ciwon wani abu ne daban da ya taso bayansa, shi ma ya gushe. Daga nan ake so ya fahimci cewa komai mai gushewa ne, riƙo da mai gushewa wahala ce, kuma babu wata rai dawwamammiya a bayan waɗannan halaye. Ƙarshen tafiyar shi ne nibbana, wato mutuwar wutar kwaɗayi da ƙiyayya da ruɗu, da yankewar sake haihuwa.

Ita kuwa addu'a ba ta tsayuwa sai da mai roƙo, da Wanda ake roƙo, da abin roƙo. Ihsanin da hadisin Jibrilu ya bayyana ya ginu ne a kan sakankancewar bawa cewa Ubangijinsa na ganin sa. A zaman bawana babu wanda ake fuskanta, babu mai karɓa ko mayarwa. Nassin Tewijja ma ya kamanta masu kiran alloli da mutumin da ya tsaya bakin kogi yana kiran ɗaya gaɓar ta zo gare shi. Duk wanda ya san Gulbin Rima da damina ya gane nufin misalin: a ganinsu kira ba ya ƙetarar da kowa.

Ma'aunin kuskure ma ya bambanta. Budagosa, wanda ya rubuta Wisuddimagga a tsibirin Sirilanka a ƙarni na 5, ya lissafa haske da farin ciki mai tsanani cikin abubuwa goma da ke gurɓata basira. Alamar ɓata ita ce mai zaman ya ji daɗinsu ya zaci ya isa. Malaman sufanci su ma sun yi gargaɗi kan ruɗuwa da kashafi, amma don kada ya shagaltar da bawa daga Allah. Budagosa kuwa dalilinsa shi ne hasken ma mai gushewa ne.

Wannan hukunci yana da iyaka. A Japan, Honen (1133–1212) ya koyar da cewa tsira tana cikin ambaton sunan Buda Amida da dogaro da alkawarinsa, wanda ya fi kusa da roƙo. Talakawan ƙasashen Terawada ma sukan nemi biyan buƙata wurin alloli, ko da yake malamansu ba sa ƙirga wannan cikin hanyar nibbana.

Saboda haka fassara bawana da addu'a ko zikiri kuskure ne mai illa biyu. Yana jingina wa mutane abin da ba su faɗa ba, kuma yana sa ɗalibin Musulmi ya zaci hanyoyin sun haɗu, alhali sun rabu a kan samuwar Mahalicci da wanzuwar rai. Allah ne Mafi sani.